Kuɗi ɗaya, yunit daban: jera rasit biyun ka gani

"Jama'a a taimaka, sau biyu na sayi wuta ta 10,000 a mita ɗaya, na farko aka ban yunit 181.8 na biyu kuma 145.4. Farashin da na sani 50 ne kowane yunit, haraji kashi 10. Cuta ta aka yi ko yaya?"

Ɗan'uwa kada ka yi saurin yanke hukunci tukuna, ɗauko rasit ɗin biyu ka ajiye su kusa da juna, cikakken rasit nake nufi, don saƙon tes da ke zuwa waya sau da yawa lambobi 20 na tokin ne kawai da adadin yunit, ba ya nuna inda kuɗin ya bi.

Na farkon lafiya lau yake. Harajin yana cikin 10,000 ɗin da ka biya, don haka raba za ka yi, mutane da yawa nan suke kuskure su cire 1,000 kai tsaye su samu 180 sai su ce lissafi bai hau ba.

```
10000 / 1.10 = 9090.91
9090.91 / 50 = 181.8 kWh
```

Ka ga ya fito daidai da abin da aka ba ka.

Na biyun kuma ta baya za mu bi shi. Yunit 145.4 sau 50 ya ba da 7,270, ka ɗora haraji ya zama kusan 8,000. Ke nan a tsohon farashi wutar 8,000 aka sayar maka, 2,000 ta tafi wani waje. Amma fa akwai wata hanyar da za ta kawo wannan adadin sak, in ba a cire ko sisi ba sai dai farashin yunit ne ya tashi, ka raba 9,090.91 da 145.4 za ka samu wajen 62.5. To ka ga abu biyu ne mabambanta kuma duk suna kai mutum ga 145.4, shi ya sa kallon yunit kaɗai ba zai raba gardama ba.

Abin da zai raba shi ne layukan rasit. In cirewa aka yi, layin Tariff zai nuna 50 a duka biyun, sannan a na biyu za ka ga ƙarin layi da babu a na farko, Arrears ko Debt in tsohon bashi ne ake karɓa kaɗan-kaɗan, ko wani tsayayyen caji na wata wanda a wasu wurare ake ɗauka a sayen farko na watan. Layin VAT ma zai sauka zuwa wajen 727 maimakon 909, in dai ba a ɗora haraji a kan abin da aka cire ba. In kuwa farashi ne ya canza, harajin zai tsaya a 909, babu layin bashi, lambar farashin ce kawai ta bambanta, wataƙila an yi ƙari ko an mayar da kai wani rukuni, ko kuma tsarinku mai hawa-hawa ne da yunit ke ƙara tsada in ka wuce wani adadi a wata.

Ni dai zuciyata ta fi karkata ga bashi, saboda 2,000 cif ta yi kama da abin da aka yanka da gangan. Kuma in haka ne ka nemi bayanin asusun mitar, nawa ne bashin, daga yaushe, saura nawa. Wanda ya tare a gidan haya yana iya biyan bashin wanda ya tashi wata da watanni bai sani ba, wannan abin yana ci min rai ƙwarai.

Sai binciken mita, shi aikinsa daban da na rasit. Rasit yana gaya maka ko kuɗi ya yi daidai da yunit, mita kuma tana gaya maka ko yunit ɗin sun shiga. Kafin ka danna tokin ɗauki hoton ragowar da ke fuskar mita, a ce 12.3 ne, bayan ta karɓa ya kamata ka ga 157.7, ko ƙasa da haka da ɗan ɗigo in akwai kaya masu jan wuta a kunne. In ta nuna ƙasa sosai duba ko dama ragowar tana da alamar ragi a gaba, wato an sha wutar rance mita ta fara biyan kanta. Ita mita ba ta san nawa ka biya ba, abin da ke cikin tokin kawai take zubawa, don haka in 145.4 ya shiga cif matsalarka tana wajen masu sayarwa, can za ka kai rasit biyun da hotunan, ka tabbata lambar mita iri ɗaya ce a jikinsu.