Sharhi kan Poedit: Yadda ta riƙe min gurabe, jam'i da jinsi a fassarar manhaja zuwa Hausa

Na yi amfani da Poedit, manhajar gyara fayilolin fassara, wajen mayar da wata manhajar ajiye hotuna da aika saƙonni zuwa Hausa, wadda aka rubuta ta da PHP, kuma ra'ayina a kan Poedit ya rabu gida biyu. Tana da ido sosai wajen kama kuskuren da zai lalata aikin manhaja, amma kuskuren da zai lalata Hausar kanta, wanda shi ne ya fi yawa a irin wannan aiki, ya rage wa mai fassara ya gano shi da kansa. Václav Slavík ne ya ƙirƙiri Poedit, tana aiki a kan Windows da macOS da Linux, ainihin aikinta kyauta ne ko da yake akwai sigar da ake saya, kuma ba ta buƙatar intanet kafin a buɗe fayil a yi fassara. Fayil ɗin da take gyarawa shi ne na `.po` na gettext, wani tsarin fassara manhaja, sannan duk lokacin da aka adana sai ta fitar da na `.mo`, wanda shi ne manhajar ke karantawa.

Abu na farko da na gwada ta a kai shi ne alamomin gurbi, wato irin su `%s` da `%d` da mai rubuta manhaja ke bari a tsakiyar jimla domin a cike su da suna ko lamba a lokacin da manhajar ke aiki. Poedit tana haskaka waɗannan alamomi da wani launi a jimlar asali da kuma a fassara, kuma idan aka danna `Ctrl+B` tana kwafo jimlar asali gaba ɗaya zuwa akwatin fassara, ta yadda mutum zai sauya kalmomin ya bar alamomin yadda suke. Na ɗauki wannan a matsayin hanyar aikina, domin buga alamar da hannu shi ke jawo a rubuta `%S` maimakon `%s`, kuma tun daga PHP 8 da ya fito a 2020 irin wannan kuskure yana iya tsayar da shafin baki ɗaya, kamar yadda ƙara gurbin da babu shi a asali ke yi.

Inda amfaninta ya fi bayyana shi ne wajen sauya jeri. A Hausa lamba tana bin bayan suna, muna cewa hotuna uku, alhali a Turanci lambar ce ke gaba, saboda haka duk jimlar da ta haɗa lamba da sunan abu a gurabe biyu dole ne a juya ta. Ga wadda na ci karo da ita da yadda ta ƙare:

```
#, php-format
msgid "%d %s selected"
msgstr "An zaɓi %2$s %1$d"
```

Manhajar tana miƙa abubuwa biyu a jere, lambar tukuna sannan sunan. Da za a rubuta `An zaɓi %s %d` kawai, gurbin farko zai karɓi lambar, na biyu kuma da ke jiran lamba zai karɓi kalmar hotuna ya mayar da ita sifili, sai a ga "An zaɓi 3 0" a kan allo. Lambobin `1$` da `2$` su ne ke gaya wa manhajar wane abu zai shiga wane gurbi, ko da wanne ya riga wanne a jimlar. Na rubuta shi ba daidai ba da gangan domin in ga abin da za ta yi, sai ta sa wa layin alamar kuskure, tare da bayanin cewa nau'in gurbin farko a fassara bai dace da na asali ba.

Sai dai wannan binciken yana da iyaka, kuma iyakar ta tsarin gettext ce. Yana dogara ne da layin nan na `#, php-format` ko `#, c-format` da ke saman jimlar, don haka jimlar da aka fitar ba tare da irin wannan layi ba ba ta samun cikakken bincike iri ɗaya. Haka kuma idan gurabe biyun duk `%s` ne, ba ta da hanyar sanin an musanya su. Jimlar `%s's %s album` tana nufin kundin wani abu mallakar wani mutum, kuma daidai ɗinta shi ne `Kundin %2$s na %1$s`. Wanda ya rubuta `Kundin %s na %s` zai wuce binciken lafiya lau, domin adadin gurabe da nau'insu sun dace, amma a kan allo zai sami "Kundin Hadiza na biki" inda ake son "Kundin biki na Hadiza". A irin wannan wuri abin da ya taimake ni shi ne bayanin da mai rubuta manhaja ke bar wa masu fassara, wanda Poedit ke nunawa a gefen dama, kuma inda babu bayanin sai na buɗe wurin da jimlar ta fito a cikin rubutun manhajar na duba abin da ake miƙa wa kowane gurbi.

Batun jam'i ya fi ɗaukar min lokaci. Da zarar an zaɓi Hausa a matsayin harshen fassara, kan fayil ɗin yana samun wannan ƙa'ida:

```
Plural-Forms: nplurals=2; plural=(n != 1);
```

Ma'anarta ita ce siga biyu ne, ɗaya ga lamba 1, ɗaya kuma ga duk sauran lambobi, kuma wannan ya dace da yadda CLDR, rumbun bayanan harsuna na Unicode, ya rarraba Hausa. Poedit tana buɗe akwati biyu ga kowace jimla mai jam'i, na tilo da na jam'i, tana kuma ankarar da mutum idan ya cike ɗaya ya bar ɗayan. Wannan tsari mai kyau ne, amma yana iya ruɗar sabon mai fassara ya ɗauka cewa dole ne akwati na biyu ya ƙunshi suna a sigar jam'i. Bahaushe yana cewa kwana uku, minti biyar, shekara goma, naira ɗari, ba tare da ya mayar da sunan jam'i ba, saboda haka `Sauran minti %d` shi ne daidai a akwatunan biyu, kuma babu laifi a maimaita shi. Duk da haka ba a ko'ina ne za a kwafa a wuce ba, domin ko sunan bai canza ba, abin da ke biye da shi yakan canza:

```
msgid "%d day ago"
msgid_plural "%d days ago"
msgstr[0] "Kwana %d da ya wuce"
msgstr[1] "Kwana %d da suka wuce"
```

Haka ma sifa da wakilin suna suke. "Sabon saƙo 1" yana komawa "sababbin saƙonni 5", kuma gargaɗin da ke cewa ba za a iya dawo da shi ba yana komawa ba za a iya dawo da su ba. Wanda ya sa ido a kan sunan kaɗai zai bar "ya" da "shi" a akwati na biyu, kuma babu wani bincike da zai tsayar da shi.

Sifili ma yana da tasa matsalar. A ƙarƙashin ƙa'idar da ke sama yana faɗawa akwati na biyu, sai a ga "Akwai sababbin saƙonni 0", maganar da ba wanda ke yin ta, tunda abin da ake cewa shi ne babu sabon saƙo. Poedit tana ba da damar rubuta ƙa'idar jam'i ta kai a cikin saitunan fayil, don haka ana iya ware wa sifili akwati na uku. Na gwada, ya yi aiki, amma na koma ga ƙa'idar da aka saba, domin kowace jimla mai jam'i a fayil ɗin za ta buƙaci siga uku, kuma fayil ɗin zai bambanta da na sauran masu fassara zuwa Hausa idan aka zo haɗa aiki. A ganina ya fi sauƙi a nemi mai rubuta manhajar ya ware jimla ta daban ga sifili a wurare kaɗan da hakan ke da muhimmanci. Inda hakan bai samu ba, siga irin ta `Sababbin saƙonni: %d` tana karɓar sifili ba tare da ta yi wa kunne nauyi ba.

Abin da ya fi duka wuya shi ne jinsi, kuma a nan Poedit ba ta da abin cewa, saboda gettext yana zaɓar siga ne bisa lamba kawai, bai san namiji da tamace ba. Jimlar `%s sent you a photo` tana da tarko biyu a Hausa: wanda ya aiko zai iya zama Musa ko Hadiza, don haka ko "ya aiko" ko "ta aiko", sannan wanda aka aiko wa ko "maka" ko "miki". Rubuta "ya/ta aiko maka/miki" yana cika allo da layuka kuma ba ya karantuwa. Abin da na yi shi ne sake gina jimlar ta yadda ba za ta buƙaci jinsi ba, na rubuta `Sabon hoto daga %s`. Ta wannan hanya `You have %d new messages` ya koma `Akwai sababbin saƙonni %d`, sigar "an" kuma ta ɗauke nauyin wurare da yawa, kamar `An goge %s`.

Jinsin abubuwa ya fi na mutane taurin kai. Idan gurbin yana karɓar sunan abu, `New %s` zai zama sabon hoto amma sabuwar hira, kuma `Your %s` ba ya fassaruwa kai tsaye, domin hotonka da hirarka kowanne da nasa madanganci da ke manne a jikin sunan, ba a iya liƙa shi a bayan gurbi. Dirka ma haka take, ko "ne" ko "ce". A wasu wuraren na kauce ta hanyar sa ɗigo biyu kafin gurbin, a wasu kuma babu mafita sai a raba jimlar ga kowane abu daga ɓangaren mai rubuta manhaja. Irin waɗannan na sa musu alamar `Needs work`, wadda ke hana su shiga fayil ɗin `.mo`, na kuma rubuta dalili a wurin sharhin mai fassara, domin na gwammace Turancin ya bayyana na ɗan lokaci da a ga "sabon hira" a kan allo.

Zan ba wa mai fassara shi kaɗai shawarar amfani da ita, musamman wanda intanet ke yanke masa, da sharaɗin cewa kafin ya miƙa aiki ya danna `Validate`, sannan ya ɗora fayil ɗin a kan manhajar ya gwada kowace jimla mai lamba da 0 da 1 da 2, kowace mai sunan mutum da sunan namiji da na mace, kowace mai sunan abu kuma da kalma irin ta hoto da irin ta hira.