Baƙin tabarau: abin da za ka duba kafin ka biya kuɗinka

Ina noman shinkafar rani a fadamar Argungu, kuma kusan kullum ina kan babur tsakanin gona da gari, wani lokaci har Birnin Kebbi. Duk wanda ya taɓa tsayuwa a bakin kwamin da aka cika da ruwa da tsakar rana a watan Maris ya san yadda haske ke tasowa daga ƙasa ya doki ido. Shi ya sa na sayi baƙin tabarau a wajen wani mai talla a tasha. Na zaɓi wanda ya fi duka duhu, mai tallan kuma ya ce mini, "Alhaji, wannan ko walda ka kalla ba abin da za ka ji." Na yi rani biyu da shi. Da idona na dama ya dame ni da ja da ƙaiƙayi, na je asibitin ido, likita ta nuna mini wani ɗan nama da ya fara tsirowa daga gefen hanci yana nufar baƙin idon. Ta ce aikin rana da iska da ƙura ne na shekaru, ba tabarau ne kaɗai ya jawo shi ba. Amma da ta ɗora tabaran a na'urar awo, sai ta ce, "Malam, wannan fenti ne kawai, ba ya tare abin da ya kamata ya tare."

A cikin hasken rana akwai wanda ido ke gani, akwai kuma wanda ba ya gani, shi ake rubutawa UV. Wannan ɓoyayyen hasken yana daga cikin abubuwan da ke kawo yanar ido da irin naman da ya tsiro mini. Duhun gilashi yana rage hasken da ake gani ne kawai. Tare UV aikin wani sinadari ne marar launi da ake sa wa gilashin, ko kuma irin robar da aka yi shi da ita. Gilashi fari tas zai iya tare UV gaba ɗaya, baƙi ƙirin kuma ya bar shi ya wuce.

Haɗarin yana nan ne. Ɗan ramin da ke tsakiyar baƙin ido ƙofa ce mai buɗewa da tsukewa da kanta. A rana tsaka takan tsuke zuwa kamar milimita 2, kai ma kana ƙanƙance ido, kana neman inuwa. Da ka sa baƙin gilashi, ido ya ɗauka inuwa ya shiga, sai ƙofar ta buɗe. A ce ta koma milimita 4. Faɗinta ya ninka sau biyu, amma filin da haske ke bi ya ninka sau huɗu. Idan gilashin naka, misali, rabin UV kawai yake tarewa, to abin da ke shiga cikin ido ya zama ninki biyu na wanda zai shiga da ba ka sa komai ba. Ga shi ka daina ƙanƙance ido, ka kuma daɗe a rana saboda ba ka jin zafin hasken. Wannan ne ya fi ƙona mini rai, don har ƙanena na saya wa irinsa.

Saboda haka abin dubawa na farko shi ne rubutun UV400. Ma'anarsa gilashin yana tare duk hasken da tsawon zangonsa bai wuce nanomita 400 ba, wato ya haɗa nau'o'in UV da ake kira UVA da UVB. Na biyu shi ne lambar duhu, daga 0 zuwa 4, galibi a cikin hannun tabaran. Lamba 3, wadda ke barin kashi 8 zuwa 18 cikin ɗari na hasken da ake gani, ita ta dace da ranarmu. Lamba 4 ta yi duhu da yawa, ba a tuƙi da ita.

Ni dai yanzu mai folarayiz nake sawa, wanda za ka ga an rubuta Polarized a jikinsa, kuma ban ga abin da zai mayar da ni ga gilashi mai launi kawai ba. Hasken da ya faɗa kan ruwa ko kwalta ya dawo, yawancinsa a kwance yake zuwa. A cikin wannan gilashin akwai wani siririn shafi da ke tare haske mai zuwa a kwance, ya bar na tsaye. Gilashi mai launi yana rage komai daidai wa daida, ƙyallin yana nan, ya dai ɗan dushe. Mai folarayiz kuwa ƙyallin kansa yake cirewa. Ranar da na fara sa shi na ga ƙasan ruwan kwami, na ga gindin shinkafa, a hanya kuma na riƙa hango ramuka tun daga nesa. Masunta a Matan Fada da masu jirgin ruwa a Yauri su ya fi kamata su nemi irinsa. Na fi son mai ruwan ƙasa saboda yana fito da abubuwa a cikin hazon hunturu, mai ruwan toka kuma ba ya sauya launin abu. A nemi na robar folikabonet, wadda ita kanta tana tare UV kuma ba ta saurin fashewa in tsakuwa ta faso, sannan ya zama mai faɗi da ya zagayo gefen fuska, don haske da ƙura suna kutsowa ta gefe. Aibinsa shi ne fuskar wasu wayoyi da na'urar POS kan yi duhu idan ka kalle su da shi, sai ka karkata kai.

Mai madubi a waje ado ne, bai ce komai game da UV ba. Mai ruwan ɗorawa bai isa tare ranar tsaka ba. Wanda ke yin duhu da kansa a rana kuma ba ya yin duhu sosai a cikin mota, don gilashin gaban mota ya riga ya tare UV ɗin da ke motsa shi.

Sai batun jabu, wanda ya cika kasuwa. Sitikar UV400 kowa zai iya manna ta a kan kowane gilashi, haka ma tambarin CE na cika ƙa'idar Turai da sunan babban kamfani. Wasu 'yan talla suna yawo da wani ɗan kati, sai ka sa tabarau hoton kifi ya bayyana, su ce ka ga shaida. Katin ba ƙarya ya yi ba, amma folarayiz kawai ya tabbatar. Folarayiz daban, tare UV daban, kada a haɗa maka su a baki ɗaya. Folarayiz ɗin ma kana iya gwada shi ba tare da katin kowa ba: riƙe tabarau biyu iri ɗaya, ɗaya a gaban ɗaya, ka juya guda ya tsaya a tsaye. In na gaske ne, inda suka haɗu zai yi baƙi.

Gwajin UV ya fi wuya, tunda ido ba ya ganinsa. Nemi ƙaramar tocilan da ake duba jabun kuɗi da ita, ka haska takardar naira dubu a inuwa, za ka ga wasu alamomi sun yi ƙyalli. Sai ka sa gilashin tsakanin tocilan da kuɗin. Idan ƙyallin yana nan, ajiye wa mai sayarwa kayansa. Idan ya ɓace, alama ce mai kyau, amma tocilan zango ɗaya kawai take gwadawa, ba duka ba. Tabbaci yana wajen masu yanka gilashin ido da ke da na'urar awo, kuma aikin bai kai minti ɗaya ba. Ka yi sharaɗi da mai sayarwa cewa za ka dawo da shi in bai ci awo ba. Wanda ya ƙi yarda, ka ƙara gaba.

Masu araha na folarayiz shafinsu yakan ɗaye ko ya kumbura in aka bar su a gaban mota cikin zafi, don haka nawa a gidansa yake zama cikin aljihu. Kada kuma a saya wa yara baƙaƙen tabarau na wasan Sallah su yini da su a rana ba a gwada ba, domin idon yaro ya fi na babba barin UV ya ratsa ciki.