Wata uku ina ciro alƙaluman rahoto da Power Query: abin da na gani

Ni jami'in tattara bayanai ne a wani shirin tallafa wa manoman shinkafar rani a Kebbi, muna aiki a ƙananan hukumomin Argungu, Augie da Suru. Duk ƙarshen wata uku sashen sa ido da tantance ayyuka yana fitar da rahoto a PDF, shafi arba'in da wani abu, ni kuma aikina in tsamo adadin da kowane ma'auni ya kai da hadafin da aka sa masa, in zuba su a tebur ɗaya da dashbod, allon da ke nuna alƙaluman a taƙaice, zai iya karantawa. Da can da hannu nake kwafa, kwana biyu cur, ido na ruwa. Wani abokin aikina ne ya nuna mini cewa Excel ɗin da ke kwamfutata, na Microsoft 365 a kan Windows, yana da Power Query a ciki, wato kayan aikin ciro bayanai da tsara su, ba sai na sayi komai ba.

Shigarsa ba wuya. Ka bi `Data > Get Data > From File > From PDF`, ka zaɓi rahoton, sai ya jero maka duk teburan da ya gano, kowanne da lambar shafinsa. Ka zaɓi naka ka danna `Transform Data`. Teburin ma'aunanmu ya ratsa shafi uku, don haka ya zo a gutsure uku, na ɗinke su da `Append Queries`, na goge kan teburin da ya maimaitu a tsakiya. A ranar farko, kafin a kira Azahar alƙaluman suna gabana. Sharaɗinsa ɗaya: PDF ɗin ya kasance rubutu ne na gaske. Idan takarda aka buga aka sa hannu aka yi mata sikanin, hoto ne a wurinsa, ba zai karanta ba. Gwajin mai sauƙi ne, ka gwada zaɓar kalma ɗaya da linzami. In ta ƙi zaɓuwa, koma ka roƙi ainihin fayil ɗin.

Inda ya fi burge ni shi ne sauya fasalin tebur. Mai rubuta rahoto don idon mutum yake tsarawa: sunan ma'auni sau ɗaya a babban gida, ƙananan hukumomi a ƙarƙashinsa, kwatocin shekara kuma, wato wata uku-uku, a jere ta gefe. Dashbod ba haka yake so ba, shi kowane adadi yana son layinsa daban. `Fill Down` yana cike sunan ma'aunin a layukan da suka zo wayam, amma sai gidan ya nuna `null`, alamar da Power Query ke sa wa gidan da ba bayani. Idan fanko ne kawai ba zai taɓa shi ba, sai ka fara mayar da shi `null` da `Replace Values`. Na ɓata kusan awa guda kafin in gane wannan. Daga nan ka zaɓi ma'auni da ƙaramar hukuma da hadafi ka danna `Unpivot Other Columns`, kwatocin su sauko su zama layuka. Ga yadda nawa ya koma:

```
lamba,karamar_hukuma,kwata,adadi,hadafi,irin_hadafi,shafi
1.2,Argungu,K3,520,600,shekara,14
```

Gidan shafi na ƙarshen nan ni na ƙara shi, kuma ba na nadama. Duk wanda ya yi musun wani adadi, shafin kawai nake buɗe masa.

To, ga inda na sha kunya, kuma laifina ne. Ma'auni na 1.2 shi ne yawan manoman da aka horar, hadafinsa na shekara 1,500. Rahoton ya nuna 400 a kwata ta ɗaya, 950 a ta biyu, 1,300 a ta uku. Na zuba su yadda suke, dashbod ya haɗa su ya ba da 2,650, wato kashi 177 cikin ɗari na hadafi, ya yi kore shar. Har na fara jin daɗi. Shugabar shirinmu ta leƙo ta kalli allon ta ce, "Malam, manoman ga daga ina sunka hito? Ko rajistarmu duka ba ta kai haka ba." Na ce, "Ranki ya daɗe, bari in duba." Ashe alƙaluman na tarawa ne, 950 ɗin ta riga ta haɗiye 400, 1,300 kuma ta haɗiye duka. An rubuta hakan da ƙananan baƙaƙe a ƙasan teburin, wurin da ba ya shiga cikin abin da aka ciro. Gaskiyar lissafi 1,300 cikin 1,500 ne, kashi 87, da sauran manoma 200 a gabanmu.

Gyaran shi ne in ware rabon kowace kwata ta hanyar debe ta baya: 400, sai 550, sai 350, waɗanda in ka haɗa su za su koma 1,300. Alamar da nake dubawa yanzu ita ce, idan adadi kullum hawa yake yi bai taɓa sauka ba, to ina zarginsa da tarawa har sai na karanta takardar bayanin ma'aunin. Hadafi ma haka. Wani na kwata ne, wani na shekara, wani na ƙarshen shiri gaba ɗaya, kuma duk a ƙarƙashin kalma ɗaya ake jera su. Shi ya sa na buɗe gidan `irin_hadafi`. Kuma da yake hadafin shekara yana maimaituwa a layin kowace kwata bayan an sauko da su, in ka bar dashbod ya haɗa shi, 600 ɗin Argungu za ta zama 1,800. Daga baya ma raba shi na yi, hadafi da teburinsa daban.

Akwai ƙananan tarkuna da na koya da tuntuɓe. Layin jimilla dole a tace shi, in ba haka ba komai ya ninka biyu. Ƴar lambar sharhi da ake ɗorawa a kan adadi takan manne masa, na taɓa ganin 350 ta koma 3502. Ɗan jan layi a gida kuma ba sifili ba ne. Sau da yawa yana nufin ba a tattara bayanin ba, kamar lokacin da ruwa ya hana ma'aikatanmu shiga wasu ƙauyukan fadama, don haka `null` nake barinsa. Ma'aunin kashi cikin ɗari, irin kason mata a cikin waɗanda aka horar, ba a haɗa shi, ba a kuma ɗaukar matsakaicinsa kai tsaye tsakanin ƙananan hukumomin da yawan manomansu ya bambanta. Sai na nemo adadin matan da adadin duka, dashbod ya raba da kansa.

Rahoto na gaba da ya zo, na ɗora shi a mazaunin tsohon da suna iri ɗaya na danna `Refresh All`. Matakan da na adana sun bi ta kansa, sai dai an ƙara shafi a gaba, lambobin teburan sun gusa, na sake nuna masa waɗanda nake nufi. Da wannan da binciken jimilla, inda nake gwada abin da teburina ya tara da layin jimillar rahoton ma'auni bayan ma'auni, aikin kwana biyu ya dawo kamar awa uku. Zan ci gaba da amfani da shi. Na dai riga na roƙi mutanen sashen sa ido su riƙa turo mini teburin a Excel tare da PDF ɗin, sun ce sai an sa hannu daga sama.