Sharhi: Hajiya mai lissafin girkin biki a Aboabo

A Aboabo, nan Kumasi, akwai wata Hajiya mai girkin biki da ke yi wa mutane lissafin cefane ta waya. Kina gaya mata abin da za ki dafa, ta fitar miki da awon taro, ki biya ta MoMo. Saƙon da gidanmu ya tura mata saboda suna gajere ne: "Hajiya, za mu yi waakye irin na gida, a ƙara mana shi ya ishi jama'a." Babu awon shinkafa a ciki, babu na wake, ba a kuma faɗi yawan mutane ba.

Abin da ya sa nake ba ta maki mai kyau shi ne ta ƙi yin kirdado. Amsarta ita ce: "'Yata, tukunyarku ta gida shinkafa nawa take ci, mutum nawa take ƙosarwa, kuma baƙi nawa kuke sa rai?" Gaskiyarta, domin lissafin raba adadi ne: yawan masu zuwa a raba da yawan waɗanda girkin gida ke isa, abin da ya fita shi ake ninka kayan da shi. In aka rasa ɗaya daga cikin biyun, duk adadin da aka ba ki ƙage ne. Da aka ce mata "gwangwani uku" ma ba ta karɓa ba, don gwangwanin margarin daban, na madara daban, kuma olonkar wata 'yar kasuwa da tozo take, ta wata a shafe. Ta sa a ɗora a sikeli.

Awon ya nuna shinkafa kilo 1 da wake rabin kilo, masu isar mutum 10. Wato kowa na samun giram 100 na ɗanyar shinkafa da 50 na wake, wanda in ya dahu yakan kai kusan giram 400, daidai cikin robar rabo ɗaya idan za a ɗora taliya, gari da ƙwai. Baƙi 80 ake sa rai, ta mayar da su 90, tunda suna a Zango ba ya rasa maƙwabtan da za a aika wa. An raba 90 da 10, an sami 9: shinkafa kilo 9, wake kilo 4 da rabi, ƙwai kiret 3.

Inda ƙwarewarta ta fi fitowa shi ne abubuwan da ta hana a ninka sau 9. Ruwa ne na farko. A gida kilo 1 na cin kusan lita 2 na ruwan da aka dafa waken, amma wani kaso mai yawa tururi ne ke tafiya da shi, kuma tururin yana bin faɗin bakin tukunya ne, ba nauyin shinkafa ba. Wanda ya zuba lita 18 zai tarar ƙasa ta caɓe tana kamawa. Ta ce a fara da lita 13 zuwa 14 gaba ɗaya, a ajiye tafasasshen ruwa a gefe don yayyafawa, a kuma raba girkin tukunya biyu, saboda tukunya mai zurfi ƙasanta kan ƙone tun sama bai nuna ba. Ruwa ya hau kan shinkafar da kamar gaɓar yatsa ɗaya. Idan ya janye ramuka suka bayyana a sama, a zare itace a rufe ta turara.

Kanwa ta fi haɗari. In ta yi yawa wake ya narke, launin ya koma baƙi-baƙi, ɗanɗanon ya yi kamar sabulu, kuma babu gyara. Don haka aka jiƙa ta a ruwa, aka tace, aka zuba ninki 5 kacal, sai an latsa wake an ji da tauri a ƙara. Gishiri kashi uku cikin huɗu aka fara sawa, aka ɗanɗana ruwan kafin shinkafa ta shiga. Karan dafi kuwa da ido ake binsa: ruwa ya yi ja sosai, a tsame. Lokacin dahuwa ma bai ninku ba, tafasar farko ce kawai ta daɗe.

Waakyen ya fito warwar, ya isa, 'yan robobi suka rage.

Ƙorafina biyu ne. Duk bayanin da saƙon murya ta turo shi, mai zuwa kasuwa sai ya yi ta maimaita saurare yana rubutawa. Da a rubuce yake da ya fi. Sannan shito da miya ba sa cikin lissafin sai an tambaya daban, kuma ba ta faɗi haka tun farko ba. Mai son aiko mata da saƙo ya haɗa da awon kowane kaya a kilo, mutanen da girkin gida ke isa, yawan baƙi, girman tukwanensa, da ko a roba za a raba ko a faranti.