Sharhi kan 74HC4040: gwani wajen raba bugu, amma kada ka karanta shi da gaggawa

Na yi wata biyu ina aiki da wannan cif, kuma ina son sa har yanzu, duk da ya ci mini dare uku kafin na gane halinsa. Kaunta ce, wato na'urar ƙidaya bugu, mai filif-filof 12 a jere, kowanne na riƙe 0 ko 1, yana juyawa idan wanda ya gabace shi ya sauko daga 1 zuwa 0. Na farko kaɗai ke jin bugun agogo. Sauran sai an miƙa musu saƙo hannu da hannu, kamar masu miƙa bulo a wurin gini.

Takardar bayanan da na bi ta nuna cewa a bolt 5 matakin farko kan ɗauki bugu har kusan megahaz 90. Da na ga haka sai na saki jiki, na haɗa shi da kiristal mai megahaz 16, ina kama adadin a kowane bugu da rajista, wato cif mai riƙe lamba. Yawancin lambobin suna fita daidai, amma jefi-jefi sai wata ta fito wadda ba ta da kan gado.

Laifin nawa ne, ban duba sauran layin takardar ba. Daga agogo zuwa Q0, ƙafar matakin farko, akan ɗauki nanosakan 14, daga nan kowane mataki ya ƙara 8. Idan ƙidaya za ta tashi daga 2047 zuwa 2048, dole dukkan sha biyun su juya:

```
14 + (11 × 8) = 102 ns
```

Ni kuwa tazarar bugu ɗaya a megahaz 16 nanosakan 62.5 ce kacal. Saƙon da ƙyar yake isa Q6 kafin sabon bugu ya shigo. Na ɗora osiloskof a kan agogo da Q11, na ga da idona yadda Q11 ke makara fiye da bugu guda. Ƙidayar ba ta ɓata ba, abin da ya faru shi ne ƙafafun ƙasa sun wuce gaba alhali na sama ba su gama juyawa ba. Mai son karanta duka bit 12 a kowane bugu dole ya tsaya ƙasa da megahaz 10, ya kuma rage wa rajista nata lokacin.

Ko a hankali ake tafiya, matsalar tana leƙowa. Daga 7 zuwa 8 sai ya ratsa ta 6, 4 da 0, kowacce na 'yan nanosakan. Ƙofar lojik da ke jiran sifili za ta tofo ɗan siririn bugu na ƙarya.

Inda nake buƙatar adadi na koma 74HC163 guda uku, waɗanda duk filif-filof ɗinsu ke jin agogo lokaci ɗaya. Shi kuwa 74HC4040 na bar shi yana raba megahaz 16 gida 4096 a Q11, inda makarar ba ta dami kowa ba, kuma bai taɓa kuskure bugu ba.