Jama'a a yi hattara da masu "gwajin matakin Faransanci" na wasaf, sun ci kuɗɗin ƙanena

Assalamu alaikum 'yan uwa na Sakkwato da kewaye. Da na so in yi shiru da maganar ga don yaron kunya yake ji, amma jiya na sake ganin tallar mutumin tana yawo a wani guruf na unguwarmu Mabera, sunan kawai ya canza, shi ya sa na ce bari in faɗa kafin ya ƙara kwashe wani.

Ƙanena ya daɗe yana bin mai gidansa Illela zuwa Ƙonni sayen kaya, to a nan bakinsa ya kama Faransanci, yana ciniki da shi, yana gardama da 'yan kwastan da shi, har ya kan saurari labarai ya gaya muna abin da aka ce. Sai ya samu wata makaranta a waje da ta ce tana son shaidar ya kai mataki B2 a iya Faransanci. Yana cikin neman yadda zai yi ya faɗa hannun wanga mutum, wai shi wakili ne, yana auna matakin mutum kyauta kuma ya yi mishi rajistar DELF, jarabawar shaidar iya Faransanci, ba sai ya taka ƙafa ya je ko'ina ba. Ya turo mishi wani fom na intanet, tambaya ashirin ne na canki-canka, duk na nahawu, cike gurbi da zaɓen kalma, babu sauraro babu rubutu babu magana. Minti goma bai cika ba saƙo ya shigo wai barka, kai B2 ne mai ƙarfi, saura kujera uku a rufe rajista. Yaro ya zo mani yana murna, "Yaya wallahi ashe na kai, taimaka mani da cikon kuɗɗin." Na tura, dubu ɗari da arba'in gaba ɗaya har da wai darasin sati biyu, kuma cikin akawun mai sunan mutum ɗaya, ba sunan wata cibiya ba. Nan ne wautata, ban musu ba.

Sati shida babu takardar gayyata zuwa jarabawa, wadda cibiya ke ba kowa mai rajista ɗauke da lambarsa da rana da wuri. Muka nemi lambar cibiyar da ya ce can ya kai sunan, suka duba suka ce babu sunan yaron kuma ba su da wani wakili. Da muka koma kansa sai ya ce a ƙara dubu hamsin yana da mutum a ciki da zai fito da satifiket ko ba a zauna ba. Muka ce a maido muna kuɗɗinmu, ya yi bulokin ɗinmu. Ni kuma don zuciyata ta huta na ari wayar matata na buɗe fom ɗin nan, ni da ban san komai a Faransanci ba sai gaisuwa, na bi na danna amsar farko tun daga sama har ƙasa. B2 mai ƙarfi, saura kujera uku. Matar tawa har da guɗa.

Abin da ke ba irin waɗannan mutane ƙofa shi ne DELF ba a tambayarka shaidar matakinka kafin ka yi rajista. Mataki huɗu ne, A1, A2, B1, B2, sama da su kuma DALF ne mai C1 da C2, kuma kowanne jarabawa ce mai zaman kanta, kana iya tsallakewa kai tsaye ka zauna B2 ko ba ka taɓa yin na ƙasa ba. To amma ci ne ko faɗuwa. In ka zauna B2 ka faɗi ba za a ce to ga B1 ka riƙe ba, hannu wofi za ka dawo, kuɗɗin rajista da na mota zuwa Kano da na masauki duk sun tafi. Ke nan ko da ɗan damfarar ya yi rajistar da gaske, da ƙaryar matakin kaɗai ta isa ta kai yaron ƙasa.

Wani dattijo maƙwabcinmu da ya koyar da Faransanci a sakandare har ya yi ritaya shi ya zaunar da mu ya nuna muna yadda ake aunawa da gaske, kuma ko sisi bai karɓa ba. Ya ce hukumar da ke shirya jarabawar, France Éducation international, ta sa samfurin takardun kowane mataki kyauta a shafinta, da sautin da ake saurare, da amsoshi, da takardar da masu makin ke bi. Muka je kafe muka yi firintin na B2 da na B1. Dokar makin mai sauƙi ce: fanni huɗu, sauraro, karatu, rubutu, magana, kowanne maki 25, jimla 100. Sai ka samu 50 ka ci, kuma duk fannin da ka samu ƙasa da 5 ya kayar da kai ko da jimlarka ta wuce 50. Wannan ta ƙarshen ita mutane ba su sani ba, kuma ita ce ke cin 'yan kasuwa irin ƙanena da suka koyi harshen da kunne.

Ranar Asabar bayan sallar asuba kafin zafi ya taso aka sa shi a zauren Malam, aka karɓe wayarsa, babu ƙamus, agogo na kan tabarma. Aka fara da B2. Sauraro kusan minti talatin, Malam ya kunna sautin ya bar shi yana tafiya yadda aka tsara shi, yaro ya ce "Baba Malam don Allah a ɗan maido baya," ya ce a'a ɗana, can ma ba mai maido maka, wasu ma sau ɗaya tak ake sa su. Sai karatu awa ɗaya, sai rubutu awa ɗaya inda ake son aƙalla kalma 250 kana kare ra'ayinka da hujja, irin wasiƙar da za ka rubuta wa hukuma kana ƙorafi. Nan fa ido ya raina fata. Na leƙa takardar bayan minti arba'in, layi tara ne, Malam ya ƙirga kalma 85, kuma yawancinsu ya rubuta su ne yadda yake jin su a kunne, alhali Faransanci harshe ne da ake rubuta haruffa da yawa a ƙarshen kalma waɗanda ba a furtawa, jam'i da ƙarshen aikatau duk a nan suke ɓuya. A magana aka ba shi ɗan rubutu da minti talatin na shiri, sannan ya yi bayani a yi muhawara da shi kamar minti ashirin. Bakinsa na gudu, amma da Malam ya ce to kawo hujja ta biyu sai ya koma maimaita ta farko da ƙarfi kamar yana ciniki. Sakamako: sauraro 13, karatu 9, rubutu 4, magana 12. Jimla 38, kuma rubutun kaɗai ya isa ya kayar da shi.

Asabar ta gaba aka yi B1, inda rubutun kalma 160 ne cikin minti 45 kuma a kan abin da ya shafi rayuwarka da ra'ayinka. Sauraro 19, karatu 15, rubutu 10, magana 19, jimla 63. To ka ga matakinsa ke nan, B1, kunne da baki sun yi gaba hannu ya tsaya baya. Malam ya ce shi a ganinsa in ba ka haura 60 a gida ba, a takarda biyu daban-daban, kar ka biya kuɗɗin wannan matakin, don ranar jarabawa akwai fargaba da gajiyar hanya da lasifikar da ba ka saba da ita ba, maki na zubewa. Ni ma na yarda da hakan.

Abu ɗaya dai, sauraro da karatu kana iya yi wa kanka maki don amsoshin na nan, amma rubutu da magana dole wani wanda ya iya ya duba maka da takardar makin nan a hannunsa, kuma ba wanda zai ci riba in ka yi rajista ba. In kana son ɗan haske kafin ka kai ga buga takardu, akwai Dialang na Jami'ar Lancaster, kyauta ne, yana gwada karatu da sauraro da nahawu da kalmomi daban-daban ya ba ka mataki a kowanne, sai dai ba ya gwada magana. Ko ka kunna Journal en français facile na RFI, minti goma ne kuma akwai rubutunsa, ka saurara ido rufe ka rubuta abin da ka gane sannan ka buɗe ka gwada. In labaran da aka sassauta ma suna kuɓuce maka to maganar B2 a aje ta tukuna.

Wani abin da mutumin bai taɓa gaya wa yaron ba shi ne akwai TCF, wata jarabawar Faransanci ce daban, ita ba a faɗuwa, ana ba ka maki ne ya nuna inda ka tsaya, 300 zuwa 399 B1 ne, 400 zuwa 499 B2. Ga wanda bai tabbatar da matakinsa ba ta fi sauƙin kasada, sai dai shekara biyu takardarta ke aiki, ita kuwa DELF in ka ci ta zama taka har abada. Kuma ka tambayi makarantar ko ofishin da ke neman shaidar wacce suke karɓa tun kafin ka fitar da ko naira, don TCF ɗin ma iri-iri ce, ta masu neman zama Kanada daban take. Rajista kuwa a cibiyar da aka amince da ita ake yi, irin Alliance Française da ke Kano, jerin cibiyoyin na nan a shafin hukumar, ka kira su da kanka su gaya maka kuɗɗi da rana.

Mun kai ƙorafi banki da sikirinshot ɗin hirar da rasit, har yanzu dai shiru. Yaron kullum bayan la'asar yana wurin Malam ana yi mishi shifta, shafi ɗaya a rana, ya ce ba zai nemi B2 ba sai rubutun ya kai 12 a takarda biyu. Shi kuwa mutumin a sabuwar tallar ya ƙara Turanci da Jamusanci, fom ɗin iri ɗaya ne, tambaya ashirin, na sake dannawa daren jiya, har yanzu kujera uku ta rage.