Wane tsarin lojit ya dace da binciken yadda mutane ke zuwa aiki?

Mai binciken da ya tambayi ma'aikata dubu yadda suke zuwa wurin aiki zai samu amsoshi irin su ƙafa, bas, adaidaita sahu ko babur, kuma waɗannan amsoshi ba su da jeri, domin babu wanda zai ce bas ta fi ƙafa da mataki ɗaya yadda digiri ya fi difloma. Saboda haka sanya musu lambobi 1 zuwa 4 a ja musu miƙaƙƙen layi kuskure ne, haka ma amfani da lojit na amsoshi masu jeri. Lojit dai hanyar lissafi ce ta ƙiyasta yiwuwar mutum ya ɗauki wani zaɓi. Abin da ya dace shi ne lojit mai zaɓi da yawa, amma a ƙarƙashin wannan suna akwai tsare-tsare uku da suka bambanta a bayanan da suke buƙata da tambayar da za su iya amsawa, kuma ya kamata a tantance su kafin a buga takardar tambayoyi.

Na farko yana dogara ne kan bayanan mutum: shekaru, jinsi, albashi, nisan gida, mallakar abin hawa. A manhajar nazarin bayanai ta Stata ana kiransa da `mlogit`, a takwararta R kuma da `multinom` na kunshin `nnet`. Ana ware zaɓi ɗaya a matsayin ma'auni, misali bas, sai a kwatanta sauran da shi, kuma kowane zaɓi, ban da ma'aunin, yana samun nasa jerin ƙididdiga, wato alƙaluman da ke nuna tasirin kowane bayani. Idan zaɓi huɗu ne bayanai biyar, za a ƙiyasta ƙididdiga 18, wato shida sau uku idan an haɗa da ta tushe. Wannan shi ne mafi arha, domin layi ɗaya ya ishi kowane mutum a teburin bayanai. Rauninsa yana bayyana idan wani zaɓi mutane kaɗan ne suka ɗauke shi, kamar a ce mutum goma sha biyar cikin dubu ne ke zuwa da keke kuma babu mace ko ɗaya a cikinsu. A nan ƙididdigar jinsi za ta fito da girma marar kan gado tare da kuskuren ƙiyasi mai girman gaske, wanda alama ce ta cewa bayanan ba su isa ba. Haka kuma ba zai iya gaya wa hukuma abin da zai faru idan kuɗin bas ya ƙaru ba, tunda kuɗin bas bai shiga lissafinsa ba.

Wanda ke amsa wannan tambaya shi ne na biyu, mai dogara kan bayanan zaɓin kansa, wato minti nawa kowace hanya ke ci da naira nawa. Daniel McFadden ne ya kafa shi a kan tushen tattalin arziki a farkon shekarun 1970, ya gwada shi wajen hasashen masu hawa jirgin ƙasan BART na yankin San Francisco, kuma wannan fanni ne ya kai shi ga kyautar Nobel a 2000. Kowane zaɓi yana samun maki, sannan a mayar da makin zuwa yiwuwa da wannan ƙa'ida, inda P(j) ke nufin yiwuwar ɗaukar zaɓi j, V_j makinsa, Σ kuma jimilla a kan dukkan zaɓuɓɓuka k:

```
P(j) = exp(V_j) / Σ exp(V_k)
```

Mu ɗauki misali na koyarwa, inda kowane minti ke rage maki 0.05, kowace naira kuma 0.005, sauran abubuwa an bar su daidai. Bas mai minti 40 da naira 300 za ta samu −3.5, adaidaita mai minti 25 da naira 500 zai samu −3.75, tafiyar ƙafa ta minti 80 kuma −4. Ƙa'idar za ta ba bas kusan kashi 42 cikin ɗari, adaidaita 33, ƙafa 25. Idan aka raba 0.05 da 0.005 za a ga mutumin yana kimanta minti ɗaya a kan naira 10, wato naira 600 a awa, kuma wannan adadi ne masu tsara sufuri suka fi buƙata. Tsadar wannan tsari tana wajen tattara bayanai, domin dole a san lokaci da kuɗin hanyoyin da mutum bai bi ba, kuma dole a cire masa zaɓin da ba shi da shi, kamar mota ga wanda bai mallake ta ba. Teburin ma yana canja siffa, mutum dubu da zaɓi huɗu su zama layi 4,000. A Stata umarnin shi ne `cmclogit`, a R kuma kunshin `mlogit`, wanda sunansa ya zo ɗaya da umarnin Stata na tsarin farko, abin da ke yawan rikita ɗalibai.

Waɗannan biyu suna da aibi ɗaya, kuma a ganina shi ya fi cancantar a tsaya a kansa. Ƙa'idar tana ɗauka cewa rabon da ke tsakanin kowane zaɓi biyu ba ya canjawa ko an ƙara na uku ko an cire shi. A watan Janairun 2013 gwamnatin Kano ta hana acaɓa, kuma irin wannan mataki yana nuna inda matsalar take. A ƙaddara, don misali kawai, acaɓa yana da kashi 30, bas 30, adaidaita 20, ƙafa 20. Da an cire acaɓa, lissafin zai raba fasinjojinsa gwargwadon girman sauran, bas ta koma kusan 43, adaidaita da ƙafa kowanne kusan 29. Amma wanda ya saba hawa acaɓa yana neman abin da zai ɗauke shi nan take ya kai shi kusa da inda za shi, don haka adaidaita ya fi kusa da buƙatarsa nesa ba kusa ba, kuma da wuya a ce masu komawa tafiyar ƙafa za su kai masu komawa adaidaita yawa. Hukumar da ta dogara da wannan hasashe za ta raina adadin adaidaitar da gari zai buƙata. Akwai gwajin Hausman da McFadden na 1984, inda ake cire zaɓi ɗaya a sake ƙiyasi a ga ko ƙididdiga sun sauya sosai, sai dai sakamakonsa yakan bambanta gwargwadon zaɓin da aka cire, shi ya sa na fi amincewa da sanin garin da mai bincike yake da shi.

Tsari na uku, lojit mai rukuni, don wannan matsala aka gina shi. Ana haɗa zaɓuɓɓuka masu kama a rukuni ɗaya, acaɓa da adaidaita a gefe, sauran a nasu gefen, sannan a ƙiyasta wani adadi da ake sa ran ya faɗa tsakanin 0 da 1. Idan ya kusanci 1, rukunin bai ƙara komai ba, a koma tsari na biyu. Idan ya yi ƙasa sosai, 'yan rukunin suna maye gurbin juna, kuma fasinjojin acaɓa za su fi karkata zuwa adaidaita a hasashen. Idan ya haura 1, galibi rabon rukunin ne bai yi daidai ba. Umarninsa a Stata `nlogit` ne, kunshin `mlogit` na R ma yana yinsa, kuma yana buƙatar dukkan bayanan tsari na biyu, ga shi mai bincike ne zai yanke yadda rukunan za su kasance ya kuma kare hujjarsa.

Ɗalibin da burinsa ya bayyana su wane ne ke hawa me, kuma bayanan da ke hannunsa na mutane ne kawai, tsarin farko ya ishe shi, muddin ya tuna cewa kowace ƙididdiga kwatanci ce da zaɓin ma'auni, kuma ya fitar da yiwuwar kowane zaɓi kafin ya yi sharhi. Wanda zai ba da shawara kan kuɗin mota ko lokacin tafiya ya tanadi kuɗin tattara bayanan tsari na biyu tun daga farko. Idan kuwa tambayar ta shafi hana wani abin hawa ko shigo da sabo mai kama da wanda ake da shi, a gwada mai rukuni a duba adadin nan na tsakanin 0 da 1 kafin a miƙa wa kowa hasashe.